Babina ya kumbura, har na fara sa wa mamata magana a baki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce mai ritaya, ina rubuta tarihin rayuwata saboda jikoki. Na zo kan babin shekara uku da na yi ina koyarwa a wani ƙauye, daga 1976 da gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta. A wata bitar marubuta an ce mana marubucin ƙwarai nunawa yake yi, ba ya faɗa. Na bi wannan, babin ya kai shafi 41 ban gama shekarar farko ba. Abin da ke hana ni barci shi ne na fara ƙirƙiro hirarrakin da ban tuna ba, da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ga babin na haɗo. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta shafukan duka, kuma rashin barcin nan naki yana kan hanya. Alƙalaminki lafiyarsa ƙalau, maganin da aka ba ki ne ya fi ƙarfin ciwon.

Kusan kowane mako sai an kawo mini rubutun da wannan magana ta "a nuna, kada a faɗa" ta lalata. Wani ya tsinto rabin shawarar da aka yi domin masu ƙagaggen labari, ya kama ɗakin taro, ya karɓi kuɗin rajista, ya raba takardar shaida, shi kuwa bai taɓa zama ya gyara littafin wani daga bango zuwa bango ba. Mai ƙagaggen labari in ya buƙaci hira sai ya ƙera ta, don mutanensa nasa ne. Ke naki mutanen na Allah ne, sun rayu, sun bar 'ya'ya. In aka ce miki komai sai an kafa masa fage, da wuri da lokaci da "ya ce, na ce", to an tura ki rancen abin da ƙwaƙwalwa ba ta ajiye ba. Ba mai tuna hirar shafi uku ta shekara kusan hamsin baya. Abin da kan rage wa mutum jimla ɗaya ce ko biyu da suka soke shi, da ƙamshi, da inda rana take. Hirar da kika yi da hedimasta a shafi na 14 zuwa 17 ta tona kanta: shi da ke da masinja duk murya ɗaya kuke yi, kowa yana gama jimlarsa tsaf, kuma kowa yana bayyana wa ɗan'uwansa abin da dukansu sun riga sun sani. Ɗan hedimastan nan zai iya karanta littafin, ya ga an sa ubansa ya faɗi abin da bai faɗa ba, shi kuwa ba ya nan balle ya musa. Masu bitar ba sa kawo wannan a lissafi, domin ba su za a je wa gida da ƙorafi ba.

Abin haushin shi ne kakanninmu sun raba wannan gardama tun a gindin murhu. Mai tatsuniya takan ce "ana nan, ana nan", ta haɗiye damina uku a numfashi ɗaya, sannan ta ce "sai ran nan", ta rage gudu, kowa ya gyara zama. Na farkon shi ne taƙaitawa, na biyun shi ne fage. Har nahawunmu ya ware su. "Mukan", "nakan", "yakan" na abin da aka saba ne. "Sai ya shigo, sai na miƙe" na abin da ya faru sau ɗaya ne. Ki ɗauki biro ja da shuɗi ki bi babin, ja ga wuraren "sai", shuɗi ga wuraren "kan". Na yi wannan a kwafina, shuɗin bai cika shafi biyu ba.

To wace rana ce ta cancanci fage? Wadda aka wayi gari a wani hali, aka kwana a wani, kuma kina riƙe da wani abu nata da idonki ya gani. In ɗayan biyun nan ya ɓace, a dunƙule ta. Da wannan ma'auni, ki duba yadda kika raba filinki. Tafiya a motar kaya ta ci shafi tara. Cinikin kananzir a kasuwa ya ci huɗu, kuma ba abin da ya canja bayansa sai fitila da ta kama. Amma a shafi na 33, a layi ɗaya tak, kin rubuta cewa wani uba ya shigo ana tsakiyar darasi ya janye 'yarsa, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ba ta sake dawowa ba, kuma allonta na hannu ya yi mako a inda ta bar shi kin kasa ɗauka. Hajiya, ai babin ke nan. Kin ba kananzir shafi huɗu, kin ba yarinyar nan layi ɗaya. Haka yakan faru: abin da ke da zafi hannu kan yi saurin wuce shi, marar zafi kuma a baje shi, don ba ya ƙuna.

Ga yadda zan so ki sake gini, a kan kalma dubu huɗu ko kusa, wato kamar shafi goma sha biyar. Ki buɗe da isowarki, ba tafiyar ba: saukowa daga mota da akwatin ƙarfe, da ganin cewa ajin naki gindin tsamiya ne. Shafi biyu ya isa. Daga nan ki saki "mukan" ya ɗauki watannin da suka biyo baya a shafi uku ko huɗu. Kada ki ɗauka taƙaitawa ita ce "mun sha wahala ƙwarai", wannan lami ce. Kayan suna nan warwatse a shafukanki, tattarawa kawai za ki yi: "Mukan share gindin tsamiya da sassafe mu jingina allo a jikinta. In iska ta taso, yara biyu kan riƙe shi. Da damina ta faɗi ajin kan ragu rabi, sai an gama noman farko." Jimla uku sun ɗauke abin da kika kashe shafi goma a kai. A cikin wannan shimfiɗa ne za ki riƙa gilma yarinyar sau biyu ko uku, don mai karatu ya san ta kafin a raba shi da ita. Sannan ki ce "sai ran nan", ki ba ranar shafi huɗu ko biyar, ki tafi a hankali: wane darasi ake, ta ina uban ya ɓullo, me yaran suka yi, ke me kika yi da allin da ke hannunki. Sauran zaman naki a dunƙule, har ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo.

A fagen nan, jimlar da kika tabbata an faɗa ita kaɗai za ki sa a cikin alamar zancen wani. Sauran ki ba da su da bakinki: ya nuna ba zai bar ta ba, na yi ta roƙo, ban tuna da me na roƙe shi ba. Wannan "ban tuna ba" ki bar shi a rubuce, yana ƙara wa mai karatu yarda da abin da kika ce kin tuna. Hirar hedimasta kuwa ki mayar da ita layi biyu: ya karɓe ki, ya nuna miki tsamiya. In kin gyara ki sake aiko mini da fagen yarinyar shi kaɗai tukuna, in gani kafin ki taɓa sauran.