Godiyar ta'aziyya bayan rasuwar mahaifiya: wace magana za a riƙe, wace za a bari?

Tambaya daga wata mai karatu a Tawa: "Malam, Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa makon jiya, an yi jana'izarta a nan Tawa. Ina so in sa ɗan rubutun godiya a ƙarƙashin hotonta, amma abin da ya zo mini shi ne wanda kowa ke rubutawa: 'A madadin ɗaukacin iyalan marigayiya, muna miƙa godiya ta musamman ga ƴan'uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa.' Da na karanta sai na ji kamar ba Innarmu ake nufi ba. Yaya zan gyara?"

Ɗiyata, Allah ya ji ƙan Inna, ya kyautata makwancinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Kafin ki soke komai, ki rarrabe abubuwa biyu da ke cikin irin wannan rubutu, wato addu'a da godiya, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Addu'a ba ta tsufa don an yawaita faɗinta. "Allah ya saka da alheri" da "Allah ya bar zumunci" maganganu ne da kunnen Bahaushe yake jira, kuma idan ya rasa su a ƙarshen godiya sai ya ji an bar shi tsaye a bakin ƙofa ba a sallame shi ba. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito ma, wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai alherin Allah ya saka masa da alheri, ya kai matuƙa wajen yabo. Saboda haka ban ba ki shawarar ƙirƙiro sabuwar addu'a ba. Inda rubutunki ya yi sanyi shi ne ɓangaren godiya, kuma dalilin a fili yake: babu aiki ko ɗaya a cikinsa. An ambaci masu godiya, an ambaci waɗanda ake gode wa, amma ba a faɗi abin da suka yi ba, shi ya sa za a iya ɗaukar jimlar yadda take a liƙa ta a bayan suna ko ɗaurin aure ba tare da an sauya harafi ba.

Salon da kika yi amfani da shi na sanarwar rediyo ne, kuma a can yana da hujja, domin mai karantawa baƙo ne ga gidan, dole ya ce "a madadin". Ke kuwa ɗiyarta ce, ba a madadin kowa kike magana ba. "Muna miƙa godiya" ma doguwar hanya ce zuwa "mun gode", kuma gajeren ya fi nauyi. Shi kuwa "na kusa da na nesa", kunnena yana jin inuwar takardun godiya na Faransanci da aka saba bugawa a ƙasarmu a bayansa; ba laifi ba ne a nahawu, sai dai yana tara mutane a buhu ɗaya, alhali maƙwabciyar da ta kwana a ɗakinku da ɗan'uwan da ya kira daga Abijan ba abu guda suka yi ba, kuma kowannensu ya cancanci ya tsinci kansa a cikin maganar.

Sai zaɓen kalmomi. Ki ce "ta rasu" ko "Allah ya yi mata rasuwa", kada ki ce "ta mutu", domin "mutu" ana faɗinsa ga dabba da fitila da kasuwa, "rasu" kuwa daga "rasa" yake, yana ɗauke da rashin da ku kuka yi. "Marigayiya" daga "rigaya" take, wato wadda ta riga mu, kalma ce mai ladabi, amma ta takarda ce da bakin waɗanda ba gidan ba. Ɗiya da ta kira mahaifiyarta marigayiya a rubutun da ta sa sunanta a ƙasa ta ja da baya taku ɗaya daga gare ta. "Uwa" kai tsaye tana da kaushi a bainar jama'a, ga shi alkunya ta hana ki ambaci sunanta na yanka. Abin da ya rage shi ne sunan da kuke kiranta da shi a gida, kuma kin riga kin faɗe shi da kanki a ƙarshen tambayarki: Innarmu. Ki fara da "mahaifiyarmu" sau ɗaya don baƙo ya gane, daga nan ki koma ga Inna.

Kada ki ce an yi muku "jaje". Jaje na asarar dukiya ne, ko gobara, ko haɗarin da aka tsira da rai. Na rashin rai shi ne ta'aziyya, kalmar Larabci da asalinta ke nufin sa mutum ya yi haƙuri, ko kuma kalmarmu ta gida, "gaisuwa". A Adar, yankin da Tawa take, da sauran ƙasar Hausa, idan aka ce wance ta tafi gaisuwa, kowa ya san gidan rasuwa ta nufa, kuma ni na fi son wannan a bakin ɗiya domin ita ce matan da suka cika gidanku suka yi amfani da ita. Wani ƙaramin abu kuma da ya shafi waya: idan allon wayarki ba shi da harafin ƙ, "Allah ya jiƙanta" zai fito "jikanta", wanda a rubuce ɗan ɗanta ne. Mutane za su gane nufinki, amma tunda asalin maganar "ya ji ƙanta" ne, daga "ƙai" na tausayi, ki raba kalmomin ki nemo harafin, ko ki ce "Allah ya yi mata rahama".

Karin magana a nan yana bukatar taka tsantsan fiye da komai, domin karin magana yana da mai faɗinsa. "Mutuwa rigar kowa" maganar mai ba da haƙuri ce; idan wadda aka yi wa rasuwa ta mayar wa masu gaisuwa da ita, sai ta zama kamar gargaɗi. "Yaba kyauta tukuici" kuma yana mayar da gaisuwa kyautar da ake biya, alhali mai zuwa gaisuwa haƙƙin zumunci da na addini ya sauke. Wanda ya fi jan hankali shi ne "zumunta a ƙafa take", kuma gaskiya ne ga wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 500, don ya zauna a tabarmarku. Amma ki tuna cewa ƙasar Adar ƙasar ci-rani ce, da wuya a samu gidan da ba shi da ɗa a Abijan ko Libiya ko Najeriya, kuma jana'izarmu ba ta jiran matafiyi. Wanda labari ya iske shi a can, ya yi kuka shi kaɗai, ya kira ku muryarsa na rawa, idan ya karanta cewa zumunta a ƙafa take zai ji kin yi masa gori ko da ba ki nufa ba. In kin nace sai kin sa shi, to ki biyo shi nan take da ambaton waɗanda hanya ta hana. Ra'ayina dai shi ne rubutun godiya na layi shida ko bakwai ya fi kyau ba karin magana sam.

Yanzu ga yadda za ki yi aikin. Ki zauna ki tuna kwanaki ukun zaman makoki, ki rubuta abin da idonki ya gani, ba abin da ya kamata a ce an yi ba. Da yake mata ba su cika bin makara zuwa maƙabarta ba, abin da ya faru a can ki tambayi yayanki ko ƙanenki, shi zai gaya miki ko sahu ya yi yawa da waɗanda suka yi aikin kabari. Daga abin da kika tara ki zaɓi uku ko huɗu, kowanne da aikatau nasa, sannan ki ƙara abu ɗaya da masu gaisuwa suka faɗa game da ita wanda ya taɓa ki. Zan ƙaddara wasu abubuwa don misali, ke kuma ki musanya su da na gaskiya:

"Mun gode. Ranar da Allah ya karɓi mahaifiyarmu ba ku bar mu mu kaɗai ba. Mun gode wa iyayenmu mata da suka yi mata wanka suka suturta ta, da mazan da suka sallace ta suka raka ta makwancinta, da maƙwabtan da suka ɗauke mana girki kwana uku. Mun gode wa waɗanda suka taso daga Yamai da ƙauyuka, da waɗanda hanya ta hana suka kira mu daga nesa. Muryarku ta iso. Da yawanku kun ba mu labarin alherin da Inna ta yi muku wanda mu ƴaƴanta ba mu sani ba, kuma wannan ya sanyaya mana zuciya. Wanda ta saɓa wa ya yafe mata, wanda yake bin ta bashi ya same mu. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci, ya ji ƙan Inna da iyayenku da suka rigaya."

Ki lura cewa babu sunan kowa a ciki, kuma da gangan ne. Da zarar kin fara jera sunaye, wanda aka manta shi zai fi kowa karanta rubutun, kuma yawanci jerin yakan fara da masu muƙami ya ƙare kafin a kai ga tsohuwar da ta share tsakar gida. Ambaton aiki yana kawar da wannan matsala, domin duk wadda ta kawo ƙwaryar fura za ta ga kanta a cikin "maƙwabtan da suka ɗauke mana girki". Wanda ya yi wata hidima babba, kamar kuɗin magani ko mota, ki je gidansa ko ki kira shi, kada ki bayyana sadakarsa a idon duniya. Jimlar yafiya da bashi kuwa an saba faɗinta a wurin jana'iza, amma mata da matafiya da yawa ba su ji ta a can ba, don haka tana da amfani a nan. Sai dai kada ki sa ta sai kin shawarci manyan gidan, tunda alkawari ne da ya hau kan dukkan magada.

Hanyar gwada rubutun mai sauƙi ce. Ki cire kalmar "Inna" da "mahaifiyarmu" ki sake karantawa. Idan har yanzu zai dace da rasuwar kowane gida a Tawa, to akwai sauran aiki, ki koma ki nemo abin da ya faru a gidanku kaɗai. Sannan ki karanta shi da ƙarfi a gaban gwaggonki ko innarki ƙanwar mamaciyar, duk jimlar da kika ji ba za ki iya faɗa mata baki da baki ba, ki cire ta. Tunda kin rubuta "mun", ki nuna wa ƴan'uwanki kafin ki fitar, har da na ɗakin abokiyar zamanta idan akwai. Game da lokaci, bayan an tashi daga zaman makoki ya dace, ba sai kin jira sadakar arba'in ba, kuma in masu gaisuwa suna ci gaba da zuwa, ki ƙara "da waɗanda har yanzu suke zuwa" a jimlar matafiya.