Shirya shafukan majigi domin masu raunin gani da masu nauyin kunne

Tambaya: Malam, ni jami'ar lafiya ce, kuma za a ba ni in gabatar da bayani kan rigakafi da majigi a wani ɗakin taro mai tsawon kimanin mita 12. A cikin mahalarta akwai dattawa masu raunin gani, akwai kuma wani abokin aiki da ya ce mini ba ya bambance ja da kore. Da PowerPoint nake aiki. Yaya zan shirya shafukan?

Amsa: Malama, mu fara da girman rubutu, domin lissafinsa yana da sauƙi kuma shi ne aka fi yin kuskure a kansa. Shafin PowerPoint na yau da kullum tsayinsa inci bakwai da rabi ne, wanda a ma'aunin girman rubutu ya zo daidai da 540. Idan kika zaɓi girman 24, layin rubutun zai ci kashi ɗaya cikin ashirin da biyu da rabi na tsayin allon. A kan allo mai tsayin mita ɗaya da rabi, hakan bai kai santimita 7 ba, kuma ƙananan haruffa irin su a da n ba su wuce kusan rabin wannan ba. Idan kuwa kika sauka zuwa girman 12, kamar yadda mutane ke yi idan suna son cusa teburi guda a shafi ɗaya, ƙananan haruffan ba za su kai santimita 2 ba, kuma su ne kike so dattijon da ke kujerar baya ya karanta daga nisan mita 12.

Akwai gwajin da za ki yi a ofis ba tare da majigi ba. Nisan kujerar baya, wato mita 12, ya ninka tsayin allon sau takwas. Fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 15.6 tsayinta kusan santimita 19 ne, saboda haka sai ki buɗe shafin ya cika fuskar, ki ja da baya kimanin mita ɗaya da rabi. Abin da idonki ya gani daga nan, shi ne na kujerar baya zai gani. Ki tuna cewa ke ganinki lafiya lau ne, don haka duk rubutun da sai kin ƙanƙance ido kafin ki karanta, ya riga ya ɓace wa mai yanar ido. Shawarata ita ce kada rubutun jiki ya gaza 28 a irin wannan ɗaki, kanun shafi kuma ya kai 36 zuwa 40. Idan bayanin ya ƙi shiga, a raba shi shafi biyu, domin ƙarin shafi ba ya cin kuɗi.

Bayan girma sai bambancin haske tsakanin rubutu da fagen da aka ɗora shi a kai. Ƙa'idar WCAG, wadda masu gina shafukan intanet ke bi, tana auna wannan da lamba: baƙi a kan fari shi ne mafi girma, 21 bisa 1, kuma mafi ƙarancin da aka yarda da shi ga rubutu na gama-gari shi ne 4.5 bisa 1, ga manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Jan da aka fi danna wa, mai lamba #FF0000, a kan fari kusan 4 yake bayarwa. Kore mai haske, #00FF00, bai kai 1.4 ba, rawaya kuwa kamar babu rubutun ne gaba ɗaya. Sai dai waɗannan lambobi na fuskar kwamfuta ne. Majigi ba ya iya haska baƙi, abin da muke gani a matsayin baƙi allon ne kawai inda haske bai sauka ba, saboda haka da rana, a ɗakin da tagoginsa ba su da labule, baƙin yakan koɗe ya koma ruwan toka. Dalilin da ya sa ke nan nake cewa ki wuce mafi ƙarancin ƙa'idar da nisa: baƙi ko shuɗi mai duhu sosai a kan fari, kuma kada ki ɗora rubutu a kan hoto.

Game da abokin aikinki, matsalar bambance ja da kore ita ce mafi yawa a cikin nau'o'in makantar launi, gadonta ake yi, kuma ta fi kama maza nesa ba kusa ba. Mai ita yana ganin launi, amma ja da kore da ruwan ƙasa sukan haɗe masa su zama kusan abu ɗaya, musamman idan duhunsu ya zo daidai. A ce kina da teburin mazaɓu goma, waɗanda suka cimma burin rigakafi kin shafa musu kore, waɗanda suka gaza kin shafa musu ja. A wurinsa teburin bai faɗi komai ba. Gyaran shi ne launi ya daina ɗaukar saƙon shi kaɗai: ki ƙara layi guda da ke ɗauke da kalmar "an cimma" ko "an gaza", ki kuma tara waɗanda suka gaza wuri ɗaya a sama. Idan zane ne mai layuka biyu, ki rubuta sunan kowane layi a ƙarshensa maimakon ƙaramin akwatin bayani a gefe, ki mai da ɗaya ya zama mai tsinke-tsinke. Wajen zaɓen launi, shuɗi #0072B2 da ruwan lemo #E69F00 suna rabuwa sarai ga mafi yawan masu wannan matsala. Amma ruwan lemon na cike zane ne kawai, domin a kan fari bambancin haskensa bai wuce 2.3 ba, bai isa rubutu ba.

Hanyar gwaji tana cikin PowerPoint ɗin: ki shiga View, ki danna Grayscale, ko kuma ki buga shafin a takarda da baƙi da fari. Idan har yanzu kina iya gane mazaɓar da ta gaza, to shi ma zai gane. Kada ki dogara da zaɓin ja da kore na Color filters da ke cikin Windows wajen wannan gwaji, domin an yi shi ne ya taimaki mai matsalar a kan kwamfutarsa, ba ya nuna wa mai cikakken gani abin da wancan yake gani.

Wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya. Idan salon rubutun da kika zaɓa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, kwamfuta takan aro su daga wani salon, sai su fito sirara ko karkatattu a tsakiyar kalma, a wata kwamfutar ma su zama ƙananan akwatuna. Ga mai raunin gani, wannan ya isa ya rikita masa "ƙasa" da "kasa". Noto Sans da Andika suna da su duka. Idan a kwamfutar wani za ki nuna, ki shiga File, sai Options, sai Save, ki zaɓi Embed fonts in the file.

Sannan ki riƙa faɗin abin da ke kan allo da baki. "Kamar yadda kuke gani a nan" ba ta da amfani ga wanda ba ya gani, amma "mazaɓu uku cikin goma ne suka gaza" ta isar da saƙon ga kowa.

Tambaya: Malam, akwai kurame biyu da masu nauyin kunne a ajin koyon sana'a da nake koyarwa. Na ji PowerPoint yana rubuta maganar mutum a ƙasan allo. Zai wadatar?

Amsa: Malam, yana yi, amma da sharuɗɗa. A cikin Microsoft 365, idan ka shiga Slide Show ka zaɓi Always Use Subtitles, zai saurari makirufo ya rubuta maganarka. Yana buƙatar intanet da ba ta yankewa, kuma harsunan da yake saurare ƙalilan ne, babu Hausa a cikinsu. Idan da Turanci kake koyarwa zai taimaka, muddin makirufon yana kusa da bakinka kuma ƙarar janareta ba ta rufe ka ba. Idan da Hausa ne, ko kana gauraya biyun kamar yadda mafi yawanmu muke yi, abin da zai fito shirme ne da zai fi rikita ɗalibi.

Abin da ya fi amfani a ajinka shi ne ka gane cewa kurma da ido yake saurare, kuma ido ba ya kallon wuri biyu a lokaci ɗaya. Mai ji yana iya karanta allo yana jin bayaninka, amma wanda yake kallon tafinta mai maganar hannu, ko yake karanta leɓɓanka, dole ya bar ɗaya ya kalli ɗaya. Saboda haka idan ka sauya shafi, ka yi shiru na ɗan lokaci har sai ka ga idanunsu sun dawo kanka, sannan ka ci gaba. Kada ka juya wa aji baya kana magana da allo, kuma kada a kashe fitilu duka saboda majigi, a bar haske a fuskarka da hannayen tafinta, shi kuma ya tsaya kusa da allon domin tazarar da ido zai yi ta ragu. Ka ba tafintan shafukan tun kwana ɗaya kafin darasi, ka kuma tambayi ɗaliban irin maganar hannun da suke yi, domin wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga ta Amurka.

Adadi da sunayen kayan aiki da ma'auni su ne suka fi ɓacewa ga mai nauyin kunne, domin ba a iya cankar su daga sauran zance, don haka su kasance a rubuce a kan shafi. Idan wani ya yi tambaya daga baya, ka maimaita ta kana fuskantar aji kafin ka amsa. Bidiyo kuwa, kana iya rubuta masa bayanin maganar da Hausa da kanka a ƙaramin fayil mai ƙarewa da .vtt, kamar haka:

```
WEBVTT

00:00:01.000 --> 00:00:04.000
A kashe injin kafin a canza allura.
```

Ka adana shi da tsarin UTF-8 domin haruffa masu ƙugiya su fito, sai ka danna bidiyon, ka shiga Playback, ka zaɓi Insert Captions.

Tambaya: Wani makaho ya roƙe ni in tura masa shafukan a waya kafin taro. Hotunansu zan ɗauka in tura?

Amsa: A'a, Malam, manhajar karanta allo irin su TalkBack ko NVDA rubutu take karantawa, hoton shafi kuwa ba lallai ne ta iya karanta shi daidai ba. Ka tura masa fayil ɗin kansa, bayan ka shiga Review ka danna Check Accessibility, wanda zai nuna maka shafukan da ba su da kanu da hotunan da ba su da Alt Text, wato gurbin rubuta bayanin hoto da manhajar za ta karanta masa. A wannan gurbi ka rubuta abin da zanen yake nufi a jimla ɗaya, misali cewa adadin ya ninka tsakanin watan farko da na shida. Ka kuma duba Reading Order, domin manhajar tana bin jerin da aka saka abubuwa a shafin, kuma akwatin da ka ƙara daga ƙarshe shi za ta karanta a ƙarshe ko da yana can sama.