An ce in rage farashi don in yi ciniki da yawa: lissafin zai fita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan fara sayar da sabulun ruwa a kwalba. Kowace kwalba tana cin 350, ina so in sayar a 500. Haya, albashi, wuta da sauransu suna cin 90,000 a wata, kuma ina sa ran sayar da kwalba 800. Wanda ya rubuta min tsarin kasuwanci ya ce in rage kashi 10 cikin 100 na farashin, wai yawan ciniki zai cike gurbin. Hankalina bai kwanta ba, don jarin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ta yaya zan gwada kafin in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, kuma alƙaluman da kika bayar sun isa mu gane dalili.

Lambar da za ki riƙe da farko ita ce 150, wato abin da ke saura a kan kowace kwalba bayan an cire kuɗin da ita kanta ta ci. Ni ina kiranta rara. Kada ki kira ta riba tukuna, domin daga cikinta ne za a biya tsayayyun kuɗaɗen wata. Idan kika raba 90,000 da 150 za ki samu 600. Kwalba 600 na farko a kowane wata haya da albashi suke yi wa aiki, a nan ne kike tashi ba riba ba faɗuwa. Daga ta 601 ne kuɗi ke fara shiga aljihunki. A kwalba 800 ribarki 30,000 ce, kuma tazarar da ke tsakaninki da faɗuwa kwalba 200 ce, rubu'in cinikin da kike sa rai.

Ki buɗe Excel ko Google Sheets, ki sa farashi a akwatin B1, kuɗin kwalba a B2, tsayayyun kuɗaɗe a B3, yawan ciniki, wato adadin kwalaben da aka sayar, a B4. Sauran layukan duk daga waɗannan huɗun za su riƙa ɗauka:

```
B5  =B1-B2
B6  =ROUNDUP(B3/B5,0)
B7  =B4*B5-B3
B8  =(B4-B6)/B4
```

B5 ita ce rara, B6 adadin da kike tashi ba riba ba faɗuwa, B7 riba, B8 kuma tazara. Kada ki taɓa rubuta lamba da hannu a cikin waɗannan huɗun na ƙasa. Ranar da kika yi haka, takardar ta daina bin canjin da kike yi a sama, kuma ba za ta faɗa miki ta daina ba.

Yanzu ga shawarar da aka ba ki. Wallahi babu maganar da nake ji kusan kullum, kuma take cinye jarin mutane, irin wannan ta "a rage kaɗan a sayar da yawa". Masu faɗinta suna ɗauka cewa idan an rage kashi 10 a farashi, ƙarin kashi 10 a ciniki zai rama. Kuskuren yana nan: rangwamen 50 da za ki yi ba daga 500 yake fita ba a zahiri. Mai sayar miki da sinadari ba zai rage miki ko kaɗan ba don kin yi wa masu saye sauƙi, mai kwalba ma haka. Kuɗin kwalba yana nan a 350. Saboda haka 50 ɗin nan gaba ɗayanta daga rarar 150 take fita, ta bar ki da 100. A idon mai saye kin rage kashi ɗaya cikin goma. A aljihunki kin yar da kashi ɗaya cikin uku na abin da kike rayuwa a kai.

Ki sa 450 a B1 ki gani da idonki. B6 zai tashi daga 600 zuwa 900. Wato kwalba 800 ɗin da a da take ba ki 30,000, yanzu za ta bar ki da faɗuwar 10,000. To a ce maganarsa ta tabbata, ciniki ya ƙaru da kashi 10, ya kai 880. Rararki 88,000 ce, tsayayyun kuɗaɗe 90,000, har yanzu kina cikin faɗuwa da 2,000, ga ƙarin wahalar haɗa kwalba 80 da kai su. Kafin ki dawo kan ribar 30,000 ɗin da kike da ita tun farko, sai kin sayar da 1,200. Ƙarin rabin cinikinki ke nan, don kawai ki koma inda kika baro.

Akwai hanyar gane wannan ko babu kwamfuta a gabanki. Ki raba rangwamen da rarar da za ta saura bayan rangwamen: 50 a raba da 100, rabi ke nan. Duk lokacin da wani ya zo miki da maganar rage farashi, ki yi wannan rabon, sannan ki tambaye shi daga ina ƙarin masu sayen za su fito, kuma me ya gani da ya tabbatar masa.

Abin bai ma tsaya nan ba. Tsayayyun kuɗaɗe a tsaye suke ne har zuwa wani iyaka kawai. A ce ke da ma'aikacinki ɗaya kwalba 1,000 kuke iya haɗawa a wata. Kwalba 1,200 ta wuce ƙarfinku, sai kin ɗauki wani. Idan albashinsa 25,000 ne, abin da za ki nema ya zama 90,000 da 25,000 da ribar 30,000, jimla 145,000, a raba da 100: kwalba 1,450. Daga 800 aka taso. Wannan shi ne abin da ke ɓata min rai da masu rubuta wa mutane tsarin kasuwanci a dare ɗaya. Suna da takarda guda da suke sauya wa suna, su liƙa lamba ɗaya mai daɗin gani, su karɓi kuɗinsu. Ba su tambayi ƙarfin injinki ba, ba su tambayi hannu nawa ke aikin ba, kuma ranar da kuɗin haya ya gagara ba za ki gan su ba. Na zauna da mutane da dama da kayansu ke tafiya kamar ruwa, shago cike da masu saye, amma ƙarshen wata babu na biyan ma'aikaci. Sai su ce maita ce, ko yaron shago ne ke sata. Da muka buɗe littafi, sai mu tarar rangwame ne ya cinye rarar tun ranar farko. Kuma farashin da aka fara da shi ƙasa, ɗaga shi daga baya yana da wuya ƙwarai, domin mai saye ya riga ya san kayan da wannan kuɗin.

Ba cewa nake kada a taɓa yin rangwame ba. Cewa nake ki san ƙasan da ba za ki wuce ba. A kwalba 800, ki raba 90,000 da 800, ki samu 112.5, ki ɗora a kan 350. Farashin da kike tashi babu komai shi ne 462.5. A Excel, `Goal Seek` da ke ƙarƙashin `Data` sannan `What-If Analysis` zai fito miki da ita: ki ce B7 ta zama 0 ta hanyar canza B1.

Bayan farashi, ki mayar da B1 zuwa 500, sai ki girgiza sauran ukun, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kashi 10 zuwa ɓangaren da ba ki so, kina mayar da shi wurinsa kafin ki taɓa na gaba. Idan kuɗin kwalba ya hau zuwa 385, rara ta koma 115, riba ta sauko zuwa 2,000. Idan ciniki ya sauko zuwa 720, riba 18,000. Idan tsayayyun kuɗaɗe suka kai 99,000, riba 21,000. Kin ga jerin haɗarinki ya fito da kansa: farashi ne kan gaba, kuɗin kayan haɗi na biye da shi kusa-kusa, sauran biyun suna baya. Ƙoƙarinki ya fi amfani wajen riƙe farashi da neman mai ba ki sinadari da kwalba a kan kuɗi tsayayye, fiye da jayayya da mai haya.

Sai dai matsaloli ba sa zuwa ɗaya-ɗaya a kasuwa. Watan da kayan haɗi suka yi tsada, sau da yawa shi ne watan da masu saye ke ja da baya, abokan gasa kuma su karya farashi. Amfanin jadawalin yanayi ke nan, a motsa lambobin tare. Waɗannan na misali ne, ki sa waɗanda kika samo daga bakin masu ba ki kaya:

| | Mummunan wata | Yadda kike sa rai | Kyakkyawan wata |
|---|---|---|---|
| Farashi | 470 | 500 | 500 |
| Kuɗin kwalba | 375 | 350 | 340 |
| Tsayayyun kuɗaɗe | 95,000 | 90,000 | 96,000 |
| Ciniki | 650 | 800 | 1,000 |
| Rara | 95 | 150 | 160 |
| Ba riba ba faɗuwa | 1,000 | 600 | 600 |
| Riba ko faɗuwa | -33,250 | 30,000 | 64,000 |

Ki lura da mummunan watan. Babu lamba ɗaya a cikinsa da ta yi wani mugun tsalle, amma da suka haɗu, adadin da kike buƙata ya kai 1,000, daidai iyakar ƙarfin aikinki. Tunda jarin ba naki ba ne ke kaɗai, wannan ginshiƙin ne za ki fara nuna wa abokan haɗin gwiwarki, ku yanke tun yanzu wata nawa za ku iya jure faɗuwar 33,250. Idan wata uku ne, sai ku ware kusan 100,000 a gefe wanda ba za a taɓa ba.

Abu biyu ki duba kafin ki yarda da lambobin. Na ɗaya, ko 350 ɗin ta haɗa da dako, lakabi da kwalaben da ke fashewa ko zubewa, ko 90,000 ɗin kuma ta haɗa da ladan aikinki da tsufan inji. Idan babu albashinki a ciki, 600 ɗin ba gaskiya ba ce. Na biyu, B4 kwalaben da aka saya take nufi, ba waɗanda aka haɗa aka jera ba. Waɗanda kika bayar bashi kuma, lissafi zai ƙirga su a matsayin ciniki alhali kuɗin bai shigo ba, don haka ki buɗe wani layi daban na kuɗin da ke hannu mako-mako.

Idan har kina son gwada rangwamen, ki fara a 500, ki yi wata biyu kina rubuta ainihin cinikinki a B4. Bayan nan ki ba da 450 ga masu sari biyu ko uku kaɗai na tsawon wata ɗaya, ki gani ko abin da suke ɗauka ya ƙaru da rabi. Idan bai kai ba, ki mayar da su 500.