Rufe bidiyon, buɗe fayil ɗinka

"Malam, na gama darussan Python a YouTube, ina bin mai koyarwa ina rubutawa, komai yana tafiya. Amma da na buɗe fayil fari fat sai kaina ya ɗaure. In nemi wani darasin ne?"

A'a ƙanena, kada ka nemi wani. Mai bidiyon nan ya gama aikin mai wuya tun kafin ya kunna kyamara, domin shi ya zaɓi abin da za a fara da abin da zai biyo baya. Ɗinki ka yi ta yi a kan yadin da wani ya yanka, kai ba ka taɓa riƙe almakashi ba.

Ka ɗauki aikin da ka san kansa tun ba kwamfuta, kamar tara bashin da mai shago ke bin mutum. Fara rubutawa a takarda da Hausa: karɓi kuɗi na farko, karɓi na biyu, haɗa, nuna jimla. Sannan ka buɗe `bashi.py` ka mayar da kowane layi kod. Na san abin da za ka rubuta:

```python
a = input("Bashi na 1: ")
b = input("Bashi na 2: ")
print(a + b)
```

Ka sa 500 da 300. Ba 800 za ka gani ba, 500300 zai fito, kuma Python ba zai yi ƙorafi ba. Dalili shi ne duk abin da `input()` ya karɓo rubutu ne, shi kuwa `+` jona rubutu yake yi. Wannan ya sa nake son ka yi lissafin da kanka kafin ka gwada. Wanda bai san amsar da yake jira ba, ba zai gane an ba shi ta ƙarya ba. In kana shakka, sa `print(type(a))`, zai nuna maka `<class 'str'>`. Maganinsa `int(a) + int(b)`.

Bayan ka gyara, ka rubuta 5,000 da waƙafi, yadda mai shago zai rubuta. Shirin zai tsaya da `ValueError`. A nan ne hannunka zai so komawa bidiyo, ka daure. Karanta saƙon daga ƙasa: layin ƙarshe ya faɗi irin kuskuren, na samansa sun nuna inda ya faru a fayil ɗinka. Ban hana ka bincike ba, mu ma kullum muna yi. Amma ka tafi da tambaya guda, yadda ake cire waƙafi daga rubutu. Za ka tarar da `replace(",", "")`, sai ka rufe shafin ka rubuta da hannunka.

Gobe ka ajiye wannan fayil ɗin gefe, ka sake rubuta shi daga farko ba tare da leƙe ba. Inda ka cije, wurin ne bai zauna maka ba. In ya tafi, ƙara masa `while` ya riƙa karɓar bashi har sai an rubuta 0, ka kawo mini mu duba.