Talabijin na cinye gefen hoton kwamfuta: waya zan sake ko talabijin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koya wa yara kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na haɗa laftof ɗina da talabijin mai inci 43 ta wayar HDMI, sai layin ƙasa mai maɓallin Start ya yanke, alamar rufe shafi ma ba ta fitowa sosai. Mai shago ya ce in sayi waya mai tsada. In saya, ko talabijin ɗin ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗinka. Wayar HDMI idan ta lalace, hoto ne zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ka ga ɗige-ɗige suna ƙyalli a allo. Ba ta iya yanke gefuna huɗu daidai wa daida. Talabijin ɗinka ma lafiyarta lau, aikin da aka saita mata take yi.

Sunan abin a menu Overscan. Gado ne daga zamanin talabijin mai ƙusumbi, lokacin da gefen hoton da tashoshi ke watsawa ba ya fita tsaf, sai aka riƙa ɗan faɗaɗa hoton don gefen ya ɓuya. Mai kallon labarai ko ƙwallo ba zai lura ba. Kwamfuta kuwa a gefen take ajiye kayan aikinta. A ce laftof ɗinka na tura hoto mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wato 1920 x 1080, talabijin kuma tana yanke kashi biyu da rabi cikin ɗari a kowane gefe. Ɗigo 48 sun tafi a hagu, 48 a dama, 27 a sama, 27 a ƙasa. Layin Start na Windows 10 tsayinsa ɗigo 40 ne idan ba a ƙara girman rubutu ba, ka ga fiye da rabinsa ya shige ke nan.

Saboda haka da rimot za ka fara. Shiga saitin hoto alhali laftof na jone, ka nemi wurin girman hoto. A LG ana kiransa Just Scan, a ƙarƙashin Aspect Ratio. A Samsung Fit to Screen ne, tsofaffin kuma Screen Fit. A Sony ka shiga Display Area ka zaɓi Full Pixel. Wasu, kamar yawancin Hisense da Panasonic, kai tsaye suke rubuta Overscan, sai ka mayar da shi Off. Ka guji Zoom, shi ƙara yanka yake yi. Talabijin da yawa kowace kafar HDMI saitinta daban, don haka idan ka sauya kafa sai ka sake.

Inda mutane suka fi sarewa shi ne su ga zaɓin ya dushe, ya ƙi dannuwa. Galibi girman hoton da laftof ke turawa ne sanadi. Laftof da yawa na hannu allonsu 1366 x 768 ne, kuma idan kana kan Duplicate, wato hoto ɗaya a allon laftof da talabijin, wannan girman ne yakan tafi talabijin. Danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Second screen only, sannan a Display settings ka sa Display resolution a kan 1920 x 1080. Koma menu na talabijin, sau da yawa za ka tarar ya buɗe. In bai buɗe ba, shiga jerin Source ko Input ka sauya sunan kafar zuwa PC. Talabijin da yawa da sun ga haka suke daina yankan, rubutu ma ya ƙara fitowa.

Sai duk wannan ya gaza za ka gyara daga kwamfuta, kuma ni ba na son a fara da shi. A Intel Graphics Command Center akwai Scale a sashen Display, ka zaɓi Custom ka ja har gefuna su bayyana. A NVIDIA Control Panel kuwa Adjust desktop size and position ne, sai Resize. Abin da wannan ke yi shi ne ƙanƙance hoton, a misalinmu zuwa 1824 x 1026, talabijin kuma ta sake buɗa shi. Komai zai fito, amma ƙananan haruffa za su ɗan yi hazo, kuma yaran da ke zaune a baya su ne za su fi jin jiki wajen karanta rubutu a Word. Kada kuma ka bar gyaran nan a kunne bayan ka samu na talabijin, don za ka ga baƙin layi ya zagaye hoton. Shi kuma Scale na cikin saitin Windows, mai 125% da 150%, girman rubutu da alamomi da manhajoji yake sauyawa, ba ya taɓa wannan matsalar.

Abu ɗaya da zan yarda ka kashe wa kuɗi shi ne rimot, idan talabijin ɗin 'yar kwatano ce da ta zo ba nata na asali, domin wasu rimot na gama-gari ba sa shiga menu sosai. Ka rubuto lambar samfurin da ke bayan talabijin kafin ka shiga kasuwa, ka kuma yi sharaɗi da mai shago cewa in bai buɗe saitin hoto ba za ka dawo da shi.