Fillet ya ƙi kamawa bayan Shell, in rage radiyos ne?

Tambaya: Malam, ina zana akwatin roba a SolidWorks, kaurin bangonsa milimita 2. Na yi Shell, na sa Fillet na milimita 8 a kusurwoyin waje, ya ƙi. Da na rage zuwa 6.5 sai ya karɓa. Gobe zan tura wa masu ƙira, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Kada ki tura tukuna. Gara da hankalinki bai kwanta ba, domin wanda ya karɓa ɗin ya fi wanda ya ƙi haɗari.

Da kika fara yin Shell, kusurwar ciki ta zauna da kaifinta. Fillet na waje yana aske kusurwar ne yana matsowa ciki, ita kuwa ta cikin ba ta ja da baya. A kusurwa mai digiri 90, in t ne kaurin bango, R kuma radiyos, abin da ke rage na kauri shi ne:

```
1.414*t - 0.414*R
```

A bangonki, radiyos 8 ya ba da ƙasa da sifili, wato askin ya huda bangon, shi ya sa manhajar ta ƙi. Iyakar tana wajen 6.8.

Yanzu sa 6.5 a lissafin. Saura milimita 0.14 kacal! Wannan ce ɓarnar da nake gani kullum: a yi ta rage lamba har jan gargaɗin ya ɓace, a ce an gyara. Har akwai masu koyar da hakan a bidiyo da sunan dabara. Manhajar ba ta duba ko narkakkiyar roba za ta ratsa wurin, ko kusurwar za ta tsage a faɗuwar farko. Abin da take dubawa kawai shi ne ko fuskokin sun haɗu. Daga waje akwatin sumul, ba mai ganewa sai an sassaƙa ƙarfen ƙira an kashe kuɗi. Ko 5 kika sa, saura 0.76 ne, bai kai rabin bangon ba.

Gyaran ba wuya. A FeatureManager, ja Fillet ɗin ki ajiye shi sama da Shell, ki mayar da radiyos 8. Yanzu Shell zai bi lanƙwasar, ciki ya samu radiyos 6, kauri ya tsaya 2 ko'ina. In ya ƙi jawuwa, to ya dogara ne da wani gefen da Shell ya haifar. Cire wannan gefen daga zaɓin, ki ba shi nasa Fillet daban.

Amma fa ba kowane Fillet ake hayewa da shi sama ba. Wanda radiyos ɗinsa bai kai kaurin bango ba, ki bar shi bayan Shell, don yakan hana Shell ɗin kansa aiki. Kafin ki tura, yanka kusurwar da Section View ki auna da kanki.