In ajiye aiki a shekara 52, ko in jira 60?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani kamfani a nan Jos, shekarata 52, kuma akwai kusan naira miliyan 12 a asusuna na fansho. Ina son in ajiye aiki in buɗe shago a Taminus. Abokina ya ce in na fara karɓa yanzu, abin da za a riƙa ba ni duk wata zai ragu har abada. Da gaske ne?

Amsa: Alhaji, abokinka ya faɗa maka gaskiya. Dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar taɓa asusun in ka ajiye aiki, tunda ka haura 50, amma kuɗin da za a biya ka daga cikin abin da ka tara zai fito. Kamfanin fanshon zai dubi abin da ke ciki da shekarunka, ya raba kuɗin a kan tsawon ran da ake hasashen ya rage maka.

Bari mu yi lissafi na misali, mu ajiye riba gefe. A ce an yi maka hasashen shekara 25, wato wata 300. Miliyan 12 za ta ba ka naira 40,000 duk wata. In ka jira 60 fa? A ce albashin da ake cire fansho a kansa 200,000 ne. Kai kana zuba kashi 8 cikin ɗari, kamfaninku na zuba kashi 10, wato 36,000 duk wata. Cikin shekara takwas ka ƙara kusan miliyan uku da rabi. A raba jimillar a kan shekara 17 da suka rage, za ka samu sama da 75,000. Tuwon ya ƙaru, watannin da za su ci shi sun ragu, ga kuma ribar shekara takwas da ban ma saka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin shagon. Duk dunƙulen da ka ɗauka a farko, daga tukunya ɗaya yake fita. Ka cire miliyan uku, 40,000 ɗin nan ta koma 30,000. In kuma ka miƙa ragowar ga kamfanin inshora don ya biya ka har ƙarshen rayuwa, an tsaida adadin ne bisa shekarunka na ranar sa hannu, cikarka 60 ba za ta sa a sake lissafi ba. Ka tuna kuɗin buhun masara shekara goma baya, ka ga yadda tsayayyen adadi ke rasa daraja.

In rashin lafiya ce ta matsa maka, ko aikin na tangal-tangal, wannan magana ce daban, karɓa da wuri ba laifi ba ne. Amma in da lafiyarka, ni dai ina ganin ka zauna. Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, je ofishin kamfanin fanshonka, ka ce su lissafa maka na 52 da na 60 a rubuce, ka kai gida ku duba da uwargida.